Bilenda na wari ko tana tsayawa ana cikin markaɗe: a canza roba, a canza obalod, ko a haƙura a sayi sabuwa?

Duk sanda azumi ya matso sai shagona ya cika da bilenda, wata a leda, wata a buhu, wata an ɗaure kofinta da tsumma, kuma kusan kowa magana ɗaya yake zuwa da ita, wai moto ya ƙone. To ni dai a abin da nake gani a teburina, yawancin waɗanda ake kawowa da sunan sun ƙone motonsu lafiya lau yake, abin da ya mutu ƙaramin abu ne wanda dama an saka shi ne don ya mutu a madadin moton. Abubuwan nan guda biyu ne, obalod, wato ɗan maɓallin da ke yanke wuta, da kofilin, wato robar gindin kofi. Shi ya sa kafin ki ce a yi riwayin, wato a sake naɗa wayar moto, ko ki ce wa maigida ya nemo kuɗin sabuwa, gara ki san wanne ne a ciki ya same ki, don kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne, kuma akwai wanda gyaransa asarar kuɗi ce tsagwaronta.

Bari in fara da yadda moton yake, don in ba a gane wannan ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Moton bilenda ba irin na fankar sama ba ne. Wannan mai kabon ne, akwai wasu 'yan baƙaƙen gawayi guda biyu da sifirin ke turawa suna gogar wani zoben jan ƙarfe a jikin amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a tsakiyar moton, kuma gudunsa ya kai kusan juyi dubu 18 zuwa dubu 20 a minti ɗaya in babu kaya a kansa. A jikin sandar moton akwai wata 'yar fanka, ita ce ke ja masa iska. To ga inda matsalar take, in kika cika kofi da abu mai kauri gudun moton zai ragu, in gudu ya ragu sai ya ƙara jan wuta, ita kuma fankar tunda a sanda ɗaya suke sai ta rage iska a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Kuma zafin da waya ke yi ba daidai da wutar yake hawa ba, in wutar da ake ja ta ninka sau biyu zafin sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa bilendar da za ta yi miki markaɗen tumatir na wata da watanni ba ta ce uffan ba, rana ɗaya a zuba mata waken ƙosai da ɗan ruwa kaɗan sai ta fara wari cikin minti biyu.

Obalod shi ne ɗan jan maɓallin nan da ke ƙarƙashin gindin bilenda, musamman irin na Indiya masu kofunan silba guda uku, wani lokacin an rubuta RESET a gefensa. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe da aka manne kala biyu, in wuta ta yi yawa ya ɗau zafi sai ya lanƙwashe ya yanke wutar, maɓallin ya fito waje. Kofilin kuma shi ne abin nan mai haƙora, na roba ko na leda mai tauri, ɗaya a saman moto ɗaya a gindin kofi, su ne suke cafkar juna su juya wuƙa. Mata sun fi kiransa robar gindin kofi. Shi ma da gangan aka yi shi da abu mai laushi, don in wuƙa ta cije a kan ƙwallon dabino gara haƙoran roba su tafi da a ce sandar moto ce ta karɓi dukan.

Yanzu ta ina za a bambance? Hanci da kunne sun fi mita saurin faɗa.

In obalod ne ya faɗi, bilendar tana cikin aiki sai ki ji sautinta ya fara yin ƙasa kamar motar da ta ɗau lodi tana hawan gada, sai kuma ɗif, shiru gaba ɗaya kamar an ɗauke NEPA, kina murɗa makunni ba ko motsi. In kin taɓa gindin za ki ji ɗumi, ƙila da ɗan warin abu mai zafi amma ba mai shiga maƙogwaro ba. Zare filogi, kife ta, za ki ga jan maɓallin ya fito. In kika danna shi nan take ya ƙi zama kar ki damu, ƙarfen cikin ne bai huce ba, a ba shi 'yan mintuna. Amma fa shi maɓallin ya fi moton saurin hucewa, wannan shi ne tarkon da mutane ke faɗawa, maɓalli ya zauna bayan minti biyu sai a ɗauka komai ya koma daidai a ci gaba da niƙa da kayan nan dai, alhali cikin kwayil ɗin, wato naɗin wayar moton, har yanzu kamar garwashi yake. Ni ina cewa a ba ta kamar kwata ɗin awa, a rage kayan kofin zuwa rabi, a ƙara ruwa, sannan a tashe ta.

In kofilin ne kuwa akasin haka za ki ji. Moton ba ya tsayawa, ƙara gudu ma yake yi, sautin ya hau sama ya zama wani siriri kamar yana kuka, ko ki ji karrrr na haƙora suna tsallake juna, amma in kin leƙa kofin kayan suna nan zaune wuƙa ba ta juyawa ko tana juyawa tana tsayawa. Warin kuma na taya ne, irin wanda ake ji in an wuce inda ake babbakar ganda da tsohuwar taya. Ɗaga kofin ki duba, za ki ga baƙin gari a saman moton kamar an zuba garin gawayi, haƙoran sun zama kamar haƙorin tsoho, sun yi sulɓi, wani lokacin ma gefensu ya narke ya yi ƙyalli. Wannan warin yana tsorata mutane fiye da kowanne amma shi ne mafi arhar gyara a duk cikinsu.

Akwai wari na uku, shi ne mara daɗin labari. Wayar da aka naɗa a cikin moto tana da wani siririn banish a jikinta da ke hana zagaye ɗaya taɓa ɗan'uwansa, in wannan banish ɗin ya dahu yana wani wari mai kaifi mai ɗaci, kamar an ƙona fenti da leda tare, yana kama maƙogwaro, kuma ba ya tafiya. Ko bayan kwana uku ka kai hancinka ramukan iskar gindin za ka same shi yana nan. Warin roba a sama yake wajen bakin kofi, warin banish daga ƙasa yake fitowa. In har da hayaƙi ya fito ta ƙasan, ko kuma yanzu ko ba kofi a kai moton yana juyawa a hankali yana gurnani yana zafi nan da nan, to an riga an wuce maganar obalod da roba. Abu ɗaya dai, sabuwar bilenda dal takan yi ɗan wannan warin a amfanin farko da na biyu, sauran banish ne na kamfani ke bushewa, wannan ba komai ba ne in dai yana raguwa ba ƙaruwa ba.

Bari in kawo wata da aka kawo min, don a ga yadda abubuwan ke sarƙewa da juna. Wata Hajiya ce mai kunun aya na sayarwa, ta zo da kanta da yaronta yana riƙe da bilendar a bakko, irin mai wat 750 ɗin nan. Tun kafin ta zauna ta ce, "Malam, ni dai ka faɗa min gaskiya, an ce min ta ƙone sai an yi riwayin, in ba za ta yi ba in sani in nemi wata, don gobe ina da oda." Na ce, "Hajiya zauna tukuna, yaya take yi miki?" Ta ce ba ta kai minti ɗaya sai ta tsaya, sai an danna jan abin nan, kuma ga warin taya, tun tana danna shi sau ɗaya a yini har ya kai sau goma.

To ka ji alamomi biyu a haɗe, ga tsayawa irin ta obalod ga warin kofilin, kuma duk sanda na ji biyun tare ba moto nake fara dubawa ba, kofi nake ɗauka. Na kife babban kofin na kama robar gindinsa da yatsu biyu na murɗa, sai da na sa ƙarfi kafin ta motsa, tana wani ƙiiƙ ƙiiƙ. Na ɗau ƙaramin kofin da ba ta cika amfani da shi ba, da yatsa ɗaya na kaɗa shi ya juya sumul. A gindin babban kuma ga wani layi ruwan ƙasa ya bushe, daga tsakiya ya gangaro, shaidar ruwa ya daɗe yana bi ta jikin sandar wuƙa. Wato bushin ɗin da sandar wuƙar ke juyawa a ciki ne ya ci, garin aya da ruwa suka shige suka wanke maikon, tsatsa ta kama. Saboda haka tun kafin a zuba ko ƙwayar aya ɗaya moton yana kokawa da kofin kansa, robar da ke tsakani ita ke shan wahala tana narkewa, shi kuma obalod yana ta yanke wuta, wato aikinsa yake yi tsakani da Allah, shi ne ma ya hana moton ƙonewa duk tsawon lokacin nan.

Na sa mata mita ta gani da idonta. Lissafin mai sauƙi ne, wat 750 a raba da bolt 230 na wutar gida, zai ba ka amfiya 3 da ɗan ɗoriya, shi ya sa a jikin obalod ɗinta aka rubuta 3.2A. Da ƙaramin kofi da ruwa a ciki wutar da take ja ba ta kai amfiya biyu ba, ta yi ta juyawa ba wari ba komai. Da na ɗora babban kofin da ruwa zalla, ko aya babu, sai ga mita ta haura huɗu. Na ce, "Hajiya kin ga ɓarawon." Muka canza bushin da sandar wuƙa da robobin nan biyu, na sama da na ƙasa, ban taɓa moto ba sai hura masa iska da na yi na fitar da ƙura. Duka kuɗin bai kai kusa da abin da aka ce ta biya na riwayin ba, kuma da an yi riwayin ɗin ma, da kofin nan dai za ta koma gida ta ɗora, sati biyu ta dawo.

Abin da nake so a ɗauka a nan shi ne kofilin ba ya cika cinyewa haka kawai. Eh yana tsufa, shekara da shekaru ana aiki dole ya yi laushi, amma in kin canza shi wata ɗaya ya sake narkewa to akwai mai cinsa. Ko dai bushin ya cije kamar na Hajiya, ko kofin ba ya zama daidai saboda kunnuwan da ke riƙe shi sun karye haƙoran suna kama rabi da rabi, ko kuma halin nan na ɗora kofi ko cire shi moto bai gama tsayawa ba, wanda yara 'yan aike suka ƙware a kai. Kuma in za a canza a canza biyun tare, sabo a kan tsoho mai sulɓi ba ya daɗewa. Ga masu son su yi da kansu a gida, a zare filogi tukuna, sannan a sani da yawansu zarensu na hagu ne, wato ɓangaren da ka saba ɗaure noti nan ne yake kwancewa, na ga mutane da yawa sun fasa gindin kofi suna ta murɗawa suna ƙara ɗaure shi. A tafi da tsohon kasuwa a gwada, don yawan haƙora da faɗin rami sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a Sabon Gari a Kano wajen masu kayan wuta ana samunsu kala-kala.

Shi kuma obalod, yaushe ne shi kansa yake zama mai laifi? Yana faruwa. In ya yi ta faɗuwa ana dannawa sau ɗari, bakin da ke haɗa wutar a cikinsa yana ƙonewa ya yi baƙi, sai ya riƙa ɗumama kansa da kansa yana faɗuwa tun kaya ba su yi nauyi ba. Alamarsa ita ce bilendar ta tsaya alhali sautinta bai yi ƙasa ba, jikinta bai yi zafi ba, kofi yana juyawa sumul a hannu, abin da ke ciki ma tumatir ne da ruwa. Wannan canza shi ake yi, waya biyu ce kawai da noti ɗaya, aikin minti goma. Amma a duba lambar da ke jikin tsohon a sa irinta. Masu wat 500 zuwa 550 yawanci 2.7A ake samu a jikinsu, masu 750 kuma 3.2A. In aka sa babba a ƙaramin moto ba zai faɗi ba sai moton ya dahu, in aka sa ƙarami a babban moto kuma ya dame ki da tsayawa.

Nan ne zan yi magana a kan abin da ya fi ɓata min rai a sana'ar nan, wato jon. Wani mai gyaran in an kai masa bilenda mai tsayawa sai ya cire wayoyin obalod biyun nan ya murɗe su tare ya naɗe da salatif, ya miƙo miki ya ce an gama, kuma wallahi za ki ji daɗi ranar farko don ba za ta sake tsayawa ba ko me kika zuba. Sai dai yanzu babu mai ce mata ya isa. Ranar da wake ya yi kauri wuƙa ta cije, wutar za ta ci gaba da shiga har banish ya narke, in an yi rashin sa'a ma robar jikin ta kama. In kin karɓo gyara ki tambaya kai tsaye, an canza ne ko an yi jon? In ya ce an canza ya nuna miki tsohon da ya cire.

To sai ƙananan bilendan nan masu kofin gilashi ko na roba, wat 300 zuwa 400, waɗanda ake sawa a kayan ɗaki. Yawancinsu ba su da jan maɓalli. Wasu suna da wani abu a jikin kwayil da ke yankewa in ya yi zafi ya dawo da kansa in ya huce, su ne za ki ga ta mutu, kin ajiye ta kin haƙura, bayan rabin awa kin gwada ta tashi. Wasu kuma fiyus ɗin zafi ne a ɓoye cikin naɗin wayar, shi sau ɗaya yake mutuwa ba ya dawowa, sai an buɗe an canza da mai lamba irin tasa. Ana canzawa, ba tsada, amma kafin in canza sai na duba launin wayar, in tana nan ja tana ƙyalli sai in canza, in ta yi baƙi ko ta koma kamar launin ƙuli-ƙulin da ya ƙone to fiyus ɗin ya makara, sabon ma mutuwa zai yi. An taɓa kawo min wata irin wannan, amarya ce ta zuba busasshiyar citta da kanumfari da masoro za ta yi yaji, a babban kofin ma ba ƙaramin na busassun kaya ba, ta danne makunni tana jira. Da na buɗe, amecha ta yi baƙi ƙirin, biyu daga cikin 'yan yankan jan ƙarfen nan da kabon ke gogawa sun ɗago. Na ce wa mijin, "Ango kar ka wahalar da kuɗinka, ajiye kofin da wuƙar ko za su yi amfani, gindin ya gama."

Akwai kuma kabon, kar in manta da shi, don shi ma yana kawo wari kuma ana ɗora wa moto laifi. In ya cinye ya gajarce sifirin ba ya iya tura shi sosai, sai ki ga tartsatsi shuɗi ta ramukan iska, sautin yana yankewa yana dawowa, wani lokacin sai an ɗan bubbuga ta take tashi, warin kuma irin na wajen masu walda. Ɗan tartsatsi kaɗan a wajen kabon dama haka moton yake. Wanda ya zagaye zoben gaba ɗaya kamar wuta ta yi masa awarwaro shi ne abin tsoro, yawanci amecha ce ta samu matsala. Kabon arha ne, a canza biyun tare, a goge zoben.

Yanzu maganar riwayin da sabon moto da sabuwar bilenda, in an tabbatar moton ne ya tafi. Ra'ayina a nan ba kowane mai gyara zai so shi ba. Kwayil na gefe, wanda ba ya juyawa, ana iya naɗa shi ya yi kyau in an samu mai hannu kuma ya sa waya mai kaurin ta asali. Amma amecha, abin da ke juyi dubu goma sha a minti, in aka naɗa ta da hannu nauyin gefe da gefe bai zo daidai ba za ta riƙa rawa, ta ci bushin ɗin moto, ta ci kabon, ta ci kofilin, ƙararta ta hana maƙwabta barci. Don haka in bilendar babba ce mai kofunan silba masu kyau kuma ana samun motonta sabo ko na wata da jikinta ya fashe, gara a sauya moton ɗungurungum. In ƙarama ce mai wat 350, kuɗin moto da na aiki ya kusa kamo kuɗin sabuwa, a haƙura kawai. Ni ma'aunina shi ne in gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa irinta kuma kofin ma ya fara yoyo, ba na ba da shawarar a gyara.

In kuma sayen za a yi, a saya daidai da aikin da za ta yi. Mai markaɗen miya kawai, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, da ɗan lemon kankana, ƙaramar ta ishe ta. Amma mai niƙa waken ƙosai da alale, waken suya na awara, aya da dabino da kwakwa, shinkafar waina, gyaɗar kunu, ta nemi mai jan maɓalli a ƙasa, wat 750 ko sama, ki kife ta a shagon ki gani da idonki. Ki ɗaga ta ki ji nauyinta, don lambar wat da ake bugawa a kwali ba duka ce gaskiya ba, za ki ga an rubuta dubu da wani abu amma gindin kamar kwalin ashana, moto mai wayar jan ƙarfe da ƙarfen kirki dole ya yi nauyi, kuma ya fi mai wayar alminiyon jure zafi. Ki tambayi mai shagon ko ana samun robarta da wuƙarta daban, in ya fara kame-kame to ranar da robar ta cinye bilendar gaba ɗaya ta zama kwalliyar kanta. Su manyan ma ba wai an yi su don a kunna a tafi a bar su ba ne, a takardar da yawansu za ki ga an ce minti biyar a ba ta hutun minti biyu, ƙananan kuwa minti ɗaya ma ya ishe su a tashi guda. Mai awarar sayarwa da ke jiƙa kwano biyu uku kullum, gaskiya wannan aikin injin markaɗen unguwa ne, duk bilendar da aka ba wa shi tana kan hanyar zuwa wajena.

Saura maganar wuta, don a nan garin ba a raba ta da komai. In an kawo rabin wuta, ƙwai yana ja-ja fanka tana juyawa da ƙyar, bilenda ba ta da ƙarfin da za ta ɗau gudu, kayan da take niƙewa cikin sakan talatin sai ta yi ta fama da su minti uku fankarta ba ta ba da iska, wani lokacin ta cije gaba ɗaya tana gurnani. Haka in aka jona mai wat 750 a ƙaramin janareton nan mai cin fetur da baƙin mai a haɗe, ga firji ko talabijin a kai, ko a doguwar siririyar wayar ekstenshin da aka ja daga falo zuwa kicin. Na sha samun wadda aka kawo da ƙorafin tsayawa, in gwada ta a shago da cikakkiyar wuta ta yi aiki ƙalau, sai in tambaya a ina ake jona ta a gida, daga nan maganar ke fitowa. Irin wannan ba ni da abin canzawa a jikinta, sai dai in ce a jira wuta ta cika, a jiƙa ayar ta kwana, ruwa ya fara shiga kofi kafin kaya, kar a wuce rabi, a fara da PULSE sau uku huɗu kafin a sake mata gudu.

Hajiya mai kunun aya ta dawo bayan sallah, wannan karon da ƙaramin kofin, shi ma ya fara ɗigon ruwan ƙasa-ƙasan nan a gindi. Tun daga bakin ƙofa ta ce, "Malam na murɗa shi da yatsa na ji ya fara tauri, na ce bari in kawo kafin ya ci min roba." Na canza bushin ɗin tana zaune, ko kunna moton ban yi ba.